Lambar Gilashin Yaro Tana Hawa Duk Shekara: Me Ke Rage Mata Gudu?

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa gwajin ido ya san 'yar takardar nan da ake miƙo masa a ƙarshe, mai ɗauke da lamba biyu, ɗaya ta idon dama ɗaya ta hagu. Idan aka ga alamar ragi a gaban lambar, kamar −1.00 ko −2.50, to yaron yana ganin kusa sarai, nesa ce ke yi masa hazo-hazo. Shi ne yaron da ke ƙanƙance ido in zai karanta allon aji, ko ya matso dab da talabijin, ko ya riƙa kwafa daga littafin na kusa da shi har malami ya ɗauka wasa ya sa a gaba. Likitoci suna kiran matsalar mayofiya.

Lambar tana da ma'ana mai sauƙin ganewa. Mai −1.00 yana gani tangaran har tazarar mita ɗaya, daga nan abubuwa su fara dushewa. Mai −2.00, rabin mita. Mai −4.00 kuwa sai abu ya zo santimita 25 daga fuskarsa, wato kusan inda ake riƙe littafi. Abin da ke tayar wa iyaye hankali shi ne, bana an rubuta −1.00, baɗi a koma a tarar da −1.75, a sake yanka wani gilashin, shekara ta zagayo a sake. Daga nan sai zargi ya faɗa kan gilashin, a ce shi ke cinye wa yaron ido.

Gilashi ba shi da laifi a nan. Ƙwayar idon ce take ƙara tsawo. Idon babban mutum, daga gaba zuwa baya, bai cika wuce milimita 24 ba. Haske yana shiga ta gaba, ya tattaru ya sauka daidai a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bangon baya na cikin ido, wanda ake kira retina, shi ne ke ɗaukar hoto ya aika ƙwaƙwalwa. Idan ido ya zarce tsawon da ya kamata, sai hasken abin da ke nesa ya tattaru tun bai isa tantanin ba, hoton ya isa a watse. Ƙarin milimita ɗaya tak yana jawo kusan −2.50 zuwa −3.00 a takarda. Gilashin da muka saba da shi yana mayar da hoton inda ya dace, yaro ya ga allo, amma bai hana idon ci gaba da miƙewa ba. Kuma tsawon da ido ya riga ya yi ba ya komawa baya.

Wannan ne ya sa likitocin ido suka daina ɗaukar abin a matsayin maganar sayen gilashi kawai. Ido in ya yi tsawo, tantanin nan yana jawuwa ya yi siriri, kamar fatar da aka ɗaure wa gangar da ta fi ta faɗi. Wanda lambarsa ta kai −6.00 ko ta wuce yana cikin haɗarin tantanin ya yage ko ya ɓamɓare daga bango, ko tsakiyarsa ta lalace yana ɗan shekara hamsin ko sittin, kuma hawan jinin ido da yana sun fi saurin samunsa. Irin wannan lalacewa gilashi ba ya gyara ta. Wasu masana biyu, Mark Bullimore da Noel Brennan, sun yi lissafi a 2019 cewa duk lamba ɗaya cikakkiya da aka hana ƙaruwa tana rage haɗarin lalacewar tsakiyar tantanin da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ke nan abin da ake yi wa yaro ɗan shekara takwas, ganinsa na tsufa ake tanadi.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne gabashin Asiya. A manyan biranen Sin da Taiwan da Singafo da Koriya ta Kudu, takwas zuwa tara cikin kowane goma na masu gama sakandare ba sa ganin nesa sai da gilashi. Kakanninsu ba haka suke ba, saboda haka ba za a jingina komai ga gado ba, ko da yake yaron da uwa da uba duk suke da matsalar ya fi kusa da samunta. A can ne aka yi mafi yawan binciken da ake dogaro da shi yau, kuma abu na farko da aka gano ya ba mutane mamaki saboda arharsa.

A 2008 Kathryn Rose da Ian Morgan da abokan aikinsu suka kwatanta yara 'yan shekara shida zuwa bakwai, dukkansu 'yan asalin Sin, wasu suna zaune a Sidni ta Ostiraliya, wasu a Singafo. A Singafo kashi 29 cikin ɗari sun riga sun kamu, a Sidni kashi 3 kacal. Da aka duba yadda suke rayuwa, sai aka ga yaran Sidni ma sun fi karanta littattafai. Bambancin da ya fito fili shi ne zama a waje: yaran Sidni suna yin kusan awa 14 a mako a sarari, na Singafo kuwa awa 3.

Wani likitan ido a birnin Kaohsiung na Taiwan, Wu Pei-Chang, ya ɗauki maganar ya kai ta makaranta. Ya sami firamare biyu da ke kusa da juna. A ɗaya, da an kaɗa ƙararrawar tara sai a fitar da yara duka daga aji su yi hutunsu a fili. A ɗayar aka bar su yadda suka saba, mai son fita ya fita, mai son zama ya zauna. Bayan shekara ɗaya, cikin yaran da idonsu ke lafiya tun farko, kusan kashi 8 ne suka kamu a makarantar da ake fitar da su, a ɗayar kuwa kusan kashi 18. Daga 2010 gwamnatin Taiwan ta ƙarfafa wa makarantu gwiwa su tabbata yara suna samun minti 120 a waje kowace rana. Kafin nan adadin 'yan firamare masu raunin gani hawa yake yi shekara da shekaru har ya kai rabin yaran ƙasar a 2011. Daga nan ya juya ya fara sauka, ya dawo kusan kashi 46 a 2015. Saukar ba ta da yawa a ido, amma ita ce ta farko bayan dogon hawa, kuma ba a sayi magani ko na kwabo ba.

Mene ne a waje da ke yin wannan aiki? Ba guje-guje ba ne, domin wasan motsa jiki a cikin rufaffen ɗaki bai ba da wannan kariya ba. Haske ne. Idonmu yana yaudararmu a nan, saboda yana sabawa da duk inda ya sami kansa, sai mu ga kamar aji mai taga biyu da fitila yana da wadataccen haske. In aka auna, hasken irin wannan aji bai cika wuce laks 500 ba. Inuwar bishiya da rana tana kai dubbai, filin Allah kuwa da tsakar rana yana kai dubu ɗari. Gwajin da aka yi da 'yan tsaki ya nuna haske mai ƙarfi yana sa tantanin ido ya saki wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke taka wa tsawon ido burki, kuma da aka toshe aikin sinadarin sai kariyar ta gushe.

Wannan bayani yana da daɗi ga mai zama a ƙasa mai zafi irin tamu, domin ba a ce a shanya yaro a rana ba. Gindin darbejiya ya isa. Baranda mai buɗaɗɗen gaba ta isa. Tsakar gida irin ta gidajenmu, wadda sama ke buɗe, waje ce cikakkiya. Ba kuma lallai awa biyun su zo a jere ba: tafiya makaranta da ƙafa, hutun tara, wasan bayan la'asar, duk ana tarawa. Abin da ba a yi shi ne kallon ƙwayar rana, wannan ƙona tantanin yake yi.

Har yanzu matsalar ba ta yi yawa a Afirka ba, bincike ya sa ta wajen yara biyar cikin ɗari, kuma ta fi yawa a birni. Sai dai a dubi yinin yaron birni a Kano ko Kaduna ko Maraɗi yau. Mota ko adaidaita ta ɗauke shi da sassafe, yana aji har bayan azahar, ya ci abinci a tsaitsaye ya wuce Islamiyya har kusan magariba, ya dawo ga aikin gida, abin da ya rage na dare kuma waya ta cinye. Gidan ma wataƙila bene ne mai labule a sake. 'Ya'ya mata sun fi shiga wannan hali, tun da su aka fi tsarewa a ciki. Ban ga dalilin rage wa yaro karatu ko na boko ko na addini ba. Abin da nake gani shi ne, hadda da bita ba sa bukatar bango huɗu, kuma makarantar da ke da bishiya a harabarta ta riga ta mallaki abin da Taiwan ta kafa shiri a kansa. Annobar korona ta nuna saurin da abin ke yi in aka kulle yara: a wani gari na Sin mai suna Feicheng, 'yan shekara shida masu matsalar ba su taɓa kai kashi 6 ba a shekarun baya, amma bayan zaman gida na 2020 sai aka tarar sun haura kashi 21.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. Zama a waje ya fi ƙarfi wajen hana matsalar farawa, ko jinkirta ta. In ta riga ta fara, tasirinsa wajen tsayar da hawan lamba kaɗan ne. Jinkirin ma riba ce babba, domin yaron da ya fara yana ɗan shida yana da shekaru goma ko fiye na hawa a gabansa, wanda ya fara yana ɗan sha biyu kuwa da wuya ya kai lamba mai haɗari. Amma wanda aka riga aka rubuta wa −1.50, ya ci gaba da fita waje, sannan a nema masa ƙari.

Kafin a zo ga ƙarin, akwai wata dabara da ya kamata a binne. Wasu sukan ce a ba yaro gilashin da bai kai lambarsa ba, wai kada ido ya saba ya yi lalaci. An gwada wannan a Malesiya, aka buga sakamakon a 2002: yaran da aka rage wa ƙarfin gilashi, lambarsu ta fi saurin hawa a kan waɗanda aka ba cikakke. Hana yaro gilashin gaba ɗaya ma bai tsare komai ba, sai dai ya bar shi yana laluben allo.

Gilashin musamman ya samo asali ne daga wani abu da aka lura da shi a gwajin dabbobi: ido mai girma yana bin inda hoto ya sauka. In hoton ya faɗa bayan tantani, ido ya ƙara tsawo don ya cim masa. In ya tsaya a gabansa, ido ya sassauta. Sai masana a Jami'ar Polytechnic ta Hong Kong, ƙarƙashin Carly Lam da To Chi-ho, suka ƙera gilashi mai aiki biyu lokaci guda. Tsakiyarsa, fili mai faɗin milimita 9, lambar yaron ce cikakkiya. Kewaye da ita kuma an jera ƙananan ɗigo-ɗigo kusan 400, kowanne bai fi milimita ɗaya ba, waɗanda ke tsayar da wani ɓangare na haske a gaban tantanin. Daga nesa ba za ka bambanta shi da gilashin kowa ba. Sai ka karkata shi a haske sannan ɗigon su bayyana. Yaro yana ganin allo sarai, idonsa kuma yana samun saƙon ya dakata. A gwajin shekara biyu da aka yi da yara 'yan takwas zuwa sha uku, masu gilashin yau da kullum lambarsu ta ƙaru da 0.85, masu sabon kuwa da 0.41, wato kusan rabi. Ana sayar da shi da sunan MiYOSMART tun 2018. Akwai wani mai kama da shi, Stellest, wanda aka gwada a birnin Wenzhou na Sin, kuma gwajinsa ya fito da wani darasi: yaran da suka fi amfana su ne masu sa shi awa 12 ko fiye a rana. Gilashin da ke kwana a jaka, ko ake cirewa da an fito daga aji, kuɗinsa ya tafi a banza. Haka kuma dole tsakiyarsa ta zauna daidai saitin idon yaro, don haka firam ɗin da ya lanƙwashe ko yake zamewa kan hanci a mayar a gyara. Ya fi gilashin da aka saba tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane wurin yanka gilashi ke da shi ba.

Akwai kuma irin wanda ake manna wa ƙwayar ido kai tsaye. Wani mai laushi ne, a sa da safe a yar da dare. Wani mai tauri ne, a kwana da shi ya ɗan danne fuskar ido, da safe a cire a yini ana gani ba gilashi. Duka biyun suna rage hawan lamba. Amma ni ba zan gaggauta ba wa iyaye shawararsu ba a inda ƙura ta yi yawa kuma ruwa mai tsabta ke wuya, domin ƙwayar cuta in ta shiga ƙarƙashinsu tana iya yin gyambo a baƙin ido ta bar hakiya cikin 'yan kwanaki. Ruwan famfo ko na rijiya bai kamata ya taɓa su ba ko kusa.

Sai maganin ɗigawa, atirofin. Tsohon magani ne a asibitin ido, ana amfani da mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari don buɗe ƙofar hasken da ke tsakiyar baƙin ido. A Singafo aka gwada shi a kan yara 400, aka buga a 2006, ya kusan tsayar da hawan lamba. Sai dai yaran sun sha wuya: rana tana kashe musu ido, rubutun kusa ya dushe, kuma da aka daina sai lambar ta zabura kamar tana ramuwa. Wannan ya sa aka koma neman mafi ƙarancin da zai yi aiki. Jason Yam da abokan aikinsa a Hong Kong sun raba yara 438 gida huɗu, ana ɗiga musu ɗigo ɗaya a kowane ido kowane dare. Bayan shekara, waɗanda aka ɗiga wa ruwan da ba magani a ciki lambarsu ta ƙaru da 0.81. Masu kashi 0.01 ta ƙaru da 0.59, masu kashi 0.05 kuwa da 0.27 kawai. Shi ya sa likitoci da yawa suka karkata ga 0.05. Mafi raunin, 0.01, sakamakonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, har wani gwaji a Amurka a 2023 bai ga ya bambanta da ruwan banza ba. Kuma maganin ba ya maye gurbin gilashi. Yaro zai ci gaba da sa gilashinsa.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau: atirofin da aka fi samu a kantin magani mai kashi 1 ne, ya ninka 0.05 sau ashirin, ya ninka 0.01 sau ɗari. Ba a saya a ɗiga wa yaro, ba a kuma sirka shi da ruwa a gida. Mai raunin ana haɗa shi ne a wurin da aka tanada, cikin tsabtar da ba a samu a ɗaki, da takardar likita. Atirofin ɗan gida ɗaya ne da dafin da ke cikin zaƙami. In ya yi wa yaro yawa, ko ƙaramin yaro ya sami kwalbar ya sha, za a ga jiki ya yi zafi ba gumi, baki ya bushe, zuciya na bugu da sauri, yaro ya fara sambatu. Wannan asibiti ake nufa nan take.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara takwas da aka auna aka sami −1.00. Auna na gaskiya ga yaro sai an ɗiga masa maganin da ke sassauta jijiyar da ido ke zuƙo kusa da ita, in ba haka ba lambar tana iya fitowa fiye da yadda take. A ce tana ƙaruwa da 0.75 duk shekara har ta kai sha biyu, ta zama −4.00 ke nan. Daga nan gudun ya ragu zuwa 0.50 a shekara, tana sha shida ta kai −6.00, ba ta ganin abin da ya wuce santimita 17 sai da gilashi, kuma ta shiga rukunin masu haɗari. Da a ce an rage gudun da rabi tun daga farko, da ta tsaya wajen −3.50. Har yanzu mai gilashi ce, lambar ma ba ta daina hawa ba, kuma a aikace ribar ta fi yawa a shekarar farko sannan ta riƙa raguwa, don haka rabin nan ba alkawari ba ne. Amma kusan milimita ɗaya na tsawon ido aka tsare mata.

Yadda ake gane ko abin na aiki shi ne komawa duk wata shida. A adana takardun gwaji duka a wuri ɗaya, domin lamba ɗaya ba ta faɗin komai sai an jera ta da ta baya. Inda akwai na'urar auna tsawon ido, ita ta fi faɗin gaskiya, kuma ba ta taɓa ido, daƙiƙoƙi kaɗan ne an gama. In duk da magani lambar ta ƙaru da fiye da 0.50 a shekara, likita zai fara tambaya ko ana sa gilashin yini guda, ko ana ɗiga maganin kowane dare, kafin ya ƙara ƙarfi ko ya haɗa hanya biyu. Wasu yaran ba sa amsawa yadda ake so, musamman ƙanana da waɗanda iyayensu biyu ke da babbar lamba. Ba a kuma dainawa don an ga shekara ɗaya ta yi kyau. A gwajin Hong Kong, mafi yawan yaran da aka dakatar wa maganin sai da aka mayar da su kansa. Galibi ana ci gaba har wajen shekara sha biyar zuwa sha takwas, lokacin da ido ke lafawa, sannan a janye a hankali ana aunawa.

Ba kowace lamba mai hawa ce irin wannan ba. Yaron da bai kai shekara biyar ba amma aka same shi da babbar lamba, ko wanda ido ɗaya ya yi wa ɗayan nisa, yana bukatar bincike na daban. Haka yaron nan mai jajayen idanu masu ƙaiƙayi, wanda kullum hannunsa na kan ido yana murza, in lambarsa tana canzawa da sauri kuma gilashi ba ya ba shi gani sosai, a duba fuskar baƙin idonsa, domin yawan murza yana iya sa ta tsini, kuma wannan magani daban gare shi. Wanda kuma lambarsa ta riga ta yi girma, yaro ne ko babba, in ya fara ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa suka bayyana farat ɗaya, ko wani duhu ya rufo daga gefe, alamar tantanin ya fara yagewa ce, kuma a ranar ake son likitan ido ya gan shi.